Ƙonar Karan Shinkafa da Wutar Sassabe a Ƙasar Hausa: Lissafin Abin da Wuta ke Ɗauka da Abin da Take Bari

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna, da ma'aunin lissafi, abin da gona ke rasawa da abin da take samu idan aka cinna wa ragowar amfaninta wuta a fili, sa'an nan a duba hayaƙin da ke tashi daga wannan wuta, a kuma gwada hanyoyin da ake ba manoma shawarar su bi a maimakonta. Saboda mas'alar tana da faɗi, an taƙaita bahasin a kan karan shinkafa a filayen noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, domin a nan ne dalilin ƙonar ya fi fitowa fili. An kawo wutar sassabe a gonakin tudu domin a gwama su, a ga inda hukuncinsu ya haɗu da inda ya rabu. Da'awar da maƙalar ke son tabbatarwa ita ce, ba kowace hanya da ta hana wuta ce ta fi wuta alheri ga ƙasa ba, sai wadda ta mayar wa gonar abin da karan ya ɗauko daga cikinta, kuma ta shiga cikin ɗan lokacin da manomi ke da shi tsakanin girbi da shuka.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin Magabata

Ma'aikatan gandun daji na zamanin mulkin mallaka su ne suka fara gwada wuta a aikace. A Olokemeji ta ƙasar Yarbawa tun 1929, da kuma Kokondekro kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa, inda Aubréville ya kafa gwajinsa a 1936, an raba fili kashi uku: wani aka tsare shi daga wuta baki ɗaya, wani ana ƙona shi a farkon rani, wani kuma a ƙarshen rani. Bayan shekaru masu yawa sai aka tarar filin da aka tsare ya cika da itatuwa, wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe galibin nasa, alhali wanda ake ƙonawa a makare ya koma ciyawa da 'yan itatuwa masu jure wuta. Darasin da aka ɗauka shi ne lokacin wuta yana da tasiri kamar ita kanta wutar.

A 1960 Nye da Greenland suka fitar da littafinsu a kan ƙasa a ƙarƙashin noman sauya fili, inda suka nuna cewa ƙonar sassabe tana da hujja matuƙar ana barin gona ta yi saura shekaru masu yawa, domin tokar itatuwa tana ba ƙasa sinadarai kuma tana rage tsaminta. Jones da Wild kuwa, a littafinsu na 1975 a kan ƙasashen dajin Afirka ta Yamma, wanda ya dogara ƙwarai ga gwaje-gwajen Samaru ta Zariya, sun bayyana cewa ruɓin ƙasa, wato ragowar tsirrai da dabbobi da ta ruɓe ta gauraya da turɓaya, kaɗan ne ainun a wannan yanki, kuma yana raguwa da sauri idan ana noma ba hutawa. Binciken Bationo da abokan aikinsa a cibiyar ICRISAT ta Sadoré, kusa da Yamai, ya ƙara nuna cewa barin karan gero a shimfiɗe a kan gona yana ƙara amfani kuma yana tare ƙasar da iska ke kwashewa. Daga baya Crutzen da Andreae, a maƙalarsu ta 1990, suka mai da hankalin masana ga hayaƙin da abin da yake zubawa a sararin samaniya.

Abin da waɗannan ayyuka ba su zurfafa a kansa ba, saboda galibinsu sun shafi gonar damina ce, shi ne halin manomin da ke noma fili ɗaya sau biyu a shekara, wanda ba shi da saura, ba shi kuma da watannin rani da kara zai kwanta ya ruɓe a cikinsu.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar lissafin shiga da fita. An ɗauki gona ta misali mai faɗin hekta ɗaya, wadda ta ba da tan 4 na shanshera, aka ƙaddara karanta a kan tan 4, domin a irin shinkafar zamani nauyin busasshen kara yakan yi kusa da nauyin ƙwaya. Adadin sinadaran da ke cikin kara da kason da wuta ke ɗauka an ɗauko su ne daga alƙaluman da Dobermann da Fairhurst suka wallafa a 2002. Sa'an nan aka mai da sakamakon zuwa buhun taki mai kilo 50, wanda shi ne ma'aunin da manomi ke ciniki da shi.

4.0 Nazari

4.1 Dalilin ƙonar

A gonakin tudu na kewayen Kano, inda Mortimore ya yi bincikensa a kan yawan jama'a da noma, ba kasafai ake ƙona karan dawa ko na gero ba, domin dukiya ne: ana yin danga da shi, ana rufin ɗaki, ana girki, dabbobi suna cin karmaminsa, har tokarsa mata suna tacewa su sa a miya. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce a kasuwa. Karan shinkafa ya bambanta da waɗannan ta fuska uku. Yana da yashin siliki mai yawa, kilo 40 zuwa 70 a kowane tan, wanda ke sa shi wuyar narkewa a cikin dabba da wuyar ruɓewa a ƙasa. Yana da girman jiki da rashin nauyi, ta yadda kuɗin ɗaukarsa zuwa gari yakan kusa cinye darajarsa. Na uku, wanda shi ne mafi ƙarfi, ana girbin shinkafar damina a watannin Oktoba da Nuwamba, alhali alkama tana bukatar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta sami sanyin hunturu, tumatir da albasa ma suna jiran dashe. Manomin da ya bugi shinkafarsa ya bar tarin kara a tsakiyar fili, kuma mai garma yana jiran a share masa hanya, ba jahilci ne ke miƙa masa ashana ba, ƙurewar lokaci ce. Akwai kuma waɗanda ke ƙonawa domin kada karan ya jawo shanu cikin fili su tattake fangali da bakin magudanar ruwa.

4.2 Lissafin sinadarai

Kowane tan na karan shinkafa yana ɗauke da naitirojin kilo 5 zuwa 8, fosfaras kimanin kilo 1, da fotasiyam kilo 12 zuwa 17. Idan aka ɗauki kilo 6 na naitirojin da kilo 14 na fotasiyam, tan 4 na gonar misali yana riƙe da naitirojin kilo 24 da fotasiyam kilo 56.

Wuta ba ta yi wa waɗannan sinadarai hukunci ɗaya, domin naitirojin yana fara zama iska tun zafi bai wuce digiri 200 ba, alhali fosfaras da fotasiyam ba su yin haka sai zafi ya haura digiri 700. Saboda haka kusan dukan naitirojin yana tafiya, amma na fosfaras kimanin rubu'i ne ke salwanta, na fotasiyam kuwa kimanin humusi, galibi a cikin tokar da iska ke ɗauka. Buhun yuriya yana ɗauke da naitirojin kilo 23, tun da kashi 46 cikin ɗari ne na nauyinsa. Ke nan wutar da aka cinna wa karan hekta ɗaya ta ci abin da ya kai buhun yuriya guda, da fotasiyam kimanin kilo 11, ta bar kilo 45 a cikin toka.

A nan ne mas'alar da ake yawan tsallakewa take. Idan aka hana manomin ƙonawa, aka ce ya sayar da karan ko ya bayar a kwashe, to gonar ta rasa naitirojin ɗin nan kilo 24 kamar yadda za ta rasa shi a wuta, kuma ta rasa fotasiyam kilo 56 ɗungurungum, ba kilo 11 ba. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 fotasiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba, saboda haka sai an zuba kimanin buhu 9 kafin a mayar da abin da aka kwashe. Ta fuskar fotasiyam kaɗai, kwashe kara ba tare da mayar da taki ba ya fi ƙona shi illa, kuma illar ba ta bayyana a shekara ɗaya ko biyu, sai bayan an daɗe, lokacin da gefen tsofaffin ganyen shinkafa ya fara yin ruwan ɗorawa yana ƙonewa daga baki, karan ya yi rauni yana kwanciya, ƙwayar kuma ta ƙi cika.

Sai dai fotasiyam ɗin da ya rage a toka ba ya komawa ga dukan gonar. Kara ya tattaro shi daga faɗin hekta, wuta kuma ta zube shi a 'yan wuraren da aka tara bugu. Shaidar wannan a bayyane take ga mai ido: a amfanin da ya biyo baya ana ganin da'irori inda tsiro ya fi tsawo da duhun kore, sauran fili kuwa yana nan yadda yake ko ƙasa da haka. Manomi yakan kafa hujja da waɗannan da'irori cewa toka taki ce, kuma gaskiyarsa, illa dai takin an karɓo shi ne daga sauran gonar tasa.

4.3 Ruɓin ƙasa da zafin wuta

Asarar da ta fi buhun yuriya girma ita ce ta kabon. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na busasshen kara kabon ne, wato tan 1.6 a gonar misali, kuma shi ne abincin ƙwayoyin halittar ƙasa, da tana, da gara, waɗanda aikinsu ke mai da kara ruɓi. A galibin ƙasashen noma na Arewa kabon ɗin da ke cikin ƙasar sama bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, kuma yumɓun da ke cikinta irin wanda ba ya riƙe sinadarai sosai ne, saboda haka ruɓin nan kaɗan shi ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin riƙe taki da ruwa. Idan ya ragu, ƙasa takan yi ɓawo bayan ban ruwa, ruwa ya riƙa gudu a samanta maimakon ya nutse, garma ta riƙa tayar da manyan hoge, kuma takin zamanin da aka zuba ya wanke ya bi ruwa kafin saiwa ta kama shi. Manomi yakan ce ƙasar ta gaji ko ta mutu, ya ƙara buhu a kan na bara domin ya sami abin da ya saba samu.

Game da zafi, wajibi ne a bambanta wutar da ta bi ta kan kara a baje da wadda ta ci tari. Ta farko tana wucewa cikin 'yan mintoci, kuma tun da busasshiyar ƙasa ba ta kai zafi ƙasa da sauri, illarta ba ta wuce 'yan santimita na sama. Ta biyu takan kwana tana ci, ta ƙone har ruɓin da ke cikin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ana gane su da launi: baƙar toka alama ce ta wuta mai sauƙi da ta bar gawayi, farar toka alama ce ta wuta mai tsanani, idan kuwa aka share tokar aka ga ƙasa ta yi ja kamar gasasshen tubali, to ruɓin wurin ya ƙare.

4.4 Hayaƙi

Abin da ya fi cutarwa a hayaƙin shi ne ƙurar da masana ke kira PM2.5, wadda ƙanƙantarta ke ba ta damar wuce hanci da maƙogwaro ta isa can cikin huhu. Ƙona tan guda na ragowar amfanin gona a fili yana fitar da kimanin kilo 6 zuwa 8 nata, saboda haka gonar misali tana fitar da aƙalla kilo 24. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2021, ta sa iyakar wannan ƙura a kan maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska cikin awa 24. Idan aka raba, za a ga kilo 24 ya isa ya kai iskar da ke kan faɗin murabba'in kilomita 16, zuwa tsayin mita 100, ga wannan iyaka, kuma wannan daga hekta ɗaya ne tak.

Abu biyu ke tsananta al'amarin. Kara mai laima da aka tara ba ya ci da harshe, turnuƙewa yake yi, kuma irin wannan wuta ta fi mai harshe fitar da ƙura da iskar kabon mai guba. Sa'an nan mutane sun fi cinna wuta da yamma bayan an tashi aiki, alhali a daren hunturu iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta hana hayaƙi tashi sama, sai ya malala cikin ƙauyuka da kan hanyar Kano zuwa Zariya wadda ta ratsa wannan yanki, ya haɗu da hazon da ya riga ya rage gani. Masu asma, da jarirai, da tsofaffi, da mata masu juna biyu su ne suka fi ɗaukar nauyinsa, kuma galibinsu ba su da rabo a gonar da aka ƙona.

4.5 Wutar sassabe

Hujjar Nye da Greenland tana da sharaɗi, shi ne doguwar saura, kuma wannan sharaɗi ya faɗi a mafi yawan ƙasar Hausa. Inda ake noma gona kowace shekara, abin da ake sassabewa a bazara bai wuce tohon sabara da kalgo da geza da 'yar busasshiyar ciyawa ba, tokarsa kaɗan ce, amma ƙona shi yana tsiraita ƙasa daidai lokacin da guguwar farkon damina ke tasowa, yana kuma kashe kututturen da zai iya zama itace. Abin da aka fara a yankin Maraɗi daga 1983, wanda ake dangantawa da Tony Rinaudo kuma manoma ke kira sassabin zamani, ya ginu ne a kan barin wuta: a zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi a kowane kututture a bar su su girma, a sare sauran a baje ganyensu a gona.

Akwai kuma wuta mai amfani wadda bai kamata a haɗa ta da sauran ba. Tsutsar kara tana yin rani a cikin busasshen karan dawa, ta fito a damina ta kama sabon amfani. Adesiyun da Ajayi sun ruwaito a 1980 cewa babbaka kara sama-sama da zarar an yi girbi yana kashe kimanin kashi 95 cikin ɗari na tsutsar, karan kuma yana nan a yi danga ko girki da shi.

5.0 Gwajin Hanyoyin da ke Maye Gurbin Wuta

5.1 Binne kara a gona

Wannan hanya tana mayar da komai, amma tana da illar da ke sa manomi ya gwada sau ɗaya ya bari. Kabon ɗin karan shinkafa ya ninka naitirojin ɗinsa sau 60 ko fiye, saboda haka ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan ari naitirojin daga ƙasa, alkamar da aka shuka a kai ta fito rawaya. Aron nan yana dawowa daga baya, amma a lokacin da tsiro ke bukata ba ya nan. Maganinsa a datse karan, a baje shi, a juya shi cikin ƙasa mai laima makonni 3 zuwa 4 kafin shuka, a kuma gabatar da wani kaso na yuriya tun farko. Idan shinkafa ce za ta biyo baya, kada a cika fili da ruwa a kan ɗanyen kara, domin ruɓewa ba iska yana haifar da tsamin da ke cutar da saiwa da iskar misen mai ɗumama duniya. Makonnin nan huɗu kuwa su ne manomin alkama ba shi da su, sai idan ya shuka shinkafa mai saurin nuna.

5.2 Ciyar da dabbobi da mayar da taki

Ana iya gyara karan da yuriya: a narka kilo 4 a ruwa ga kowane kilo 100 na kara, a yayyafa hawa-hawa ana dannewa, a rufe da leda kada iska ta shiga, na makonni 2 zuwa 3. Idan ya yi, zai yi laushi, ya koma ruwan ƙasa, ya yi warin amoniya ba tare da fumfuna ba, kuma sai a sha masa iska kafin a ba dabba. Amma tan 4 zai ci yuriya kilo 160, fiye da buhu 3, saboda haka hanyar ba ta biyan kanta sai ga mai kiwon turka ko mai shanun madara. Kuma galibin fotasiyam ɗin da dabba ta ci a fitsari yake fita, ba a kashi ba, don haka wanda ya kwashe busasshen kashi kaɗai ya kai gona ya bar mafi yawansa a turke. Shimfiɗa wani kason karan a ƙarƙashin dabbobi ya tsotse fitsarin, sa'an nan a kwashe shi tare da kashin, shi ne ke rufe wannan ɓaraka.

5.3 Tara shi a gefen gona

Ga manomin da ba shi da dabbobi kuma lokaci ya ƙure masa, hanyar da ta fi dacewa da lissafin nan ita ce a janye tarin zuwa kusurwar fili kusa da magudana, aikin da bai fi na yini ba, a bar garma ta shiga. Wani kaso a shimfiɗa shi tsakanin tumatir ko albasa bayan dashe ya kama, inda zai rage ƙafewar ruwa da fitowar ciyawa, ko da yake yakan zo da 'ya'yan ciyawa da zubabbiyar shinkafa. Sauran a jera shi hawa-hawa da kashin dabbobi zuwa tsayin ƙirji, a jiƙa shi har idan aka matsa a hannu ya yi laima ba tare da ruwa ya zuba ba, a riƙa juyawa kowane mako 2 ko 3. Sandar da aka soka a tsakiya idan ta fito da ɗumi aiki yana tafiya, idan ta fito da sanyi da bushewa ana bukatar ruwa, idan da wari da santsi ruwan ya yi yawa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai zama takin da za a baje kafin shinkafar damina.

5.4 Doka da lamuni

Tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idojin hana ƙonar daji da ƙona abubuwa a fili, amma hanin da bai zo da injin datsa kara ko abin ɗaukarsa ba yakan mai da wutar rana ta koma ta dare, wadda hayaƙinta ya fi muni kamar yadda aka nuna a 4.4. Fiƙihun Malikiyya, wanda mutanen yankin suka sani, ya riga ya ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta a ranar iska ta tsallaka ta ci dukiyar wani, kuma Muhtasar na Halilu ya ambaci mas'alar. A kan wannan asali ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da dagatai za su iya kafa sharaɗi ga wanda ya zama dole ya ƙona: karan ya bushe sarai, a baje shi kada a tara, a share iyaka da maƙwabta, a cinna da hantsi lokacin da hayaƙi ke tashi sama, a tsaya a kai har ta mutu, a kuma watsa tokar a juya ta cikin ƙasa kafin iska ta ɗauke ta.